Idan Mai Shago Ya Ce "Ya Yi Tsada"

A Kasuwar Singa ta Kano, inda ake sarin kayan masarufi katan-katan, da wuya a faɗi farashi mai shago bai ce "kai, ya yi tsada" ba. Dilan da bai goge ba yakan yi ɗayan biyu: ya ce "albarka" ya kau da kai, ko ya zabge kuɗin nan take. Na biyun ya fi illa, domin ya nuna wa mai saye cewa farashin farko ba na gaskiya ba ne, gobe ma sai an ja.

Abin da ya kamata ya fara fita daga bakin dila tambaya ce: "Alhaji, nawa aka ba ka a can, kuma guda nawa ne a ciki?"

Mu ɗauki misali. Katan ɗin sabulu mai guda 48 dila ya sa shi naira 24,000. Mai shago ya ce an yi masa tayin wani a 22,000, da aka bincika ashe guda 40 ne a cikinsa. A nan dila zai yi lissafin da baki, a hankali, yadda mai shago zai bi shi: "Nawa kowane guda ya kama 500, wancan 550. In kana sayarwa 600, ribarka a katan ɗina 4,800 ce, a wancan kuwa 2,000." Amfanin faɗa a fili shi ne mai shago ya sake buga lissafin a wayarsa ya gani da idonsa. Kuma ba a kushe kayan maƙwabci ba, wanda a kasuwa abin kunya ne.

In kayan iri ɗaya ne kuma na can ya fi sauƙi da gaske, ƙarya ba ta da amfani. Sai a kawo abin da ke cikin farashin, kamar kuɗin dako da na mota idan dila ne zai kai har ƙofar shago.

Ragi kuwa ba a yin sa kyauta. Idan ribar dila a katan 1,000 ce, sauke 500 ya cinye rabinta. Don haka sai ya ɗaura shi da sharaɗi: "In za ka ɗauki katan 20, kuɗi hannu, na sallama a 23,500." Wannan maganar a rage murya, domin duk wanda ke tsaye a wurin ya ji, shi ma haka zai nema ko da katan ɗaya zai saya.

Wani lokaci kuma ba tsadar ba ce, jarin ne ya gaza, mutum yana jin nauyin faɗa. Ana ganewa idan ya yarda da lissafin amma ya ci gaba da juya katan, ko ya tambayi ko za a ɗaga masa ƙafa zuwa mako. Irin wannan a rage masa yawan kaya, a bar farashi yadda yake: "Ɗauki biyar ka gwada, Alhaji, in sun ƙare ka kira ni in aiko maka."