Ma'aunin P/E: Abin da Bankin Zenith da MTN Suka Nuna a 2023

Duk wanda ya buɗe shafin farashin hannun jari zai ga haruffan P/E kusa da sunan kowane kamfani. Lissafinsa ba wuya: a ɗauki farashin hannun jari guda, a raba shi da ribar da ta faɗo wa wannan hannun jarin a shekara. Idan ana sayar da shi naira 100, ribarsa kuma naira 10 ce, P/E ya zama 10. Wato sai an tara ribar shekara 10 kafin ta kai kuɗin da mai saye ya zuba, muddin ribar ba ta motsa ba.

To, ribar kuwa tana motsi, kuma ba hanya ɗaya take bi a kowace sana'a ba. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemo farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 kafin ƙarshen shekarar. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala suka ga darajarsu ta kumbura a littafi. Zenith ya bayyana ribar da ta haura naira biliyan 670, kimanin naira 21 ke nan a kan kowane hannun jari, alhali farashinsa a kasuwar Legas bai kai naira 40 ba. P/E ɗinsa bai cika 2 ba.

Mai gaggawa zai ce ga araha. Amma kaso mai yawa na ribar daga faɗuwar naira ya fito, abin da ba kowace shekara yake maimaituwa ba. Babban Bankin ma ya hana bankuna raba irin wannan riba ga masu hannun jari. Masu saye sun san haka, shi ya sa ba su yarda su biya da tsada ba.

MTN Najeriya kuwa abin ta baya ya zo masa. Cinikinsa ya ƙaru, jama'a na ta sayen data, amma bashinsa da hayar turakun sadarwa suna ɗaure da dala. Ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137. Kamfanin da ya yi asara ba shi da P/E mai ma'ana, don haka wanda ya dogara da ma'aunin kaɗai sai ya ɗauka MTN ya durƙushe.

Shi ya sa masu nazarin kasuwa ke jera banki da banki, Zenith da GTCO ko UBA, su jera Dangote Cement da BUA Cement. Ko a nan ma sukan buɗe rahoton shekara su ware ribar canjin kuɗi daga ta ainihin ciniki, sannan su duba ta shekara uku zuwa biyar a jere. Ga banki kuma sukan ƙara da kwatanta farashin da darajar dukiyarsa a littafi, bayan an cire bashin da ake bin sa.