Yadda Ake Sanar Da Sabon Abu A Manhaja Kowa Ya Gane

A watan Mayun 2023 ne WhatsApp ta ba masu amfani da ita damar gyara saƙon da suka riga suka aika. Duk lokacin da irin wannan sabon abu ya fito, akwai ɗan gajeren rubutu da ake sawa ƙarƙashin hoto don sanar da jama'a. Idan rubutun nan bai fito da magana fili ba, abin zai yi ta zama a waya ba wanda ya taɓa shi.

Mai karanta sanarwar ba baƙo ba ne, kullum yana cikin manhajar. Saboda haka ba ya buƙatar a yi masa tallarta, ko a ce masa "mun inganta tsarin aika saƙonni". Wannan magana ce ta ofis, ba ta gaya masa komai ba. Abu uku yake son ji: me zan iya yi yanzu, ina zan danna, kuma ina iyakar abin?

Ga yadda za a iya rubuta ta: "Ka yi kuskure a saƙo? Yanzu za ka iya gyara shi bayan ka aika. Danna saƙon ka riƙe, ka zaɓi Edit, muddin bai wuce minti 15 da aikawa ba. Wanda ka aika wa zai ga alamar an gyara."

An fara da matsalar da mutum ya sani, kamar ɗan kasuwar da ya rubuta wa abokin ciniki dubu 5 a maimakon dubu 50. An kuma bar kalmar Edit yadda take, domin ita ce idonsa zai nema a fuskar wayar. Da an rubuta "gyara" alhali wayarsa na nuna Turanci, sai ya yi ta lalube bai gani ba.

Faɗin iyaka shi ne inda marubuta da yawa ke nauyin baki, suna tsoron rage wa abin armashi. To amma wanda ya gwada bayan awa ɗaya ya ga ya ƙi, cewa zai yi abin ba ya aiki. Wanda kuma ya zaci zai gyara a ɓoye, sai kalmar Edited ta bayyana a jikin saƙon, zai ji an yaudare shi. Haka nan, tunda sabon abu ba ya isa ga kowa a rana ɗaya, yana da kyau a ƙara cewa wanda bai gani ba ya sabunta manhajarsa ko ya ɗan jira.

Kafin a saki sanarwar, a miƙa ta ga wanda bai san da abin ba, a ba shi waya, a yi shiru. Idan ya gyara saƙo ba tare da tambaya ba, rubutun ya yi. Idan ya tsaya yana tambaya, a duba inda ya tsaya, jimlar da ke wurin ce za a sake rubutawa.