Bayani a kan Kuɗin Hannu da Biyan Kaɗan-Kaɗan

A Karare da ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, babur shi ne jakin zamani. Shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai marar lafiya asibiti. Amma ba kowa ke da kuɗinsa a dunƙule ba, saboda haka dillali yakan yi wa mutum farashi biyu, na kuɗi hannu da na ajali. Masu ciniki da yawa sukan dubi ratar da ke tsakaninsu, su ɗauka ita ce iyakar tsadar. Lissafin ya wuce nan.

Ga misali, a ƙaddara babur naira 1,000,000 ne kuɗi hannu. In da ajali ne, za a ba da kafin alƙalami 200,000, kana a riƙa biyan 100,000 kowane wata har wata 12. Jimla ta kama 1,400,000, watau an ɗora 400,000. Mai saye sai ya ce arba'in ke nan bisa ɗari, ya ga da sauƙi. Alhali kuwa ba miliyan aka bi shi bashi ba, gama ya riga ya ajiye 200,000 tun ranar ciniki. Bashin 800,000 ne, ƙarin kuwa rabinsa ne cif, hamsin bisa ɗari.

Wannan ma bai kai ga gaskiyar magana ba. Da a ce dillali zai haƙura har ƙarshen shekara sa'an nan a biya shi gaba ɗaya, da hamsin ɗin ta tsaya. Amma tun watan farko ya fara karɓar kuɗinsa yana juya su, bashin yana ta raguwa, ƙarin kuwa an yanka shi kamar dukan kuɗin za su shekara a hannun mai saye. In aka bi shi wata-wata, za a tarar tsadar ta kusa naira 7 a kan kowace 100 a wata guda. Mai shakka ya gwada da alƙalami: ya ɗora 7 bisa ɗari a kan 800,000, watau 56,000, ya fid da 100,000, saura 756,000. Ya maimaita haka a kan abin da ya rage. A wata na 12 zai ga bashin ya ƙare, sai ɗan abin da bai kai 15,000 ba.

To, wannan bakwai ita ce ma'auni. Falken da ke da kuɗin a hannu, wanda jarinsa ke kawo masa ribar da ta haura 7 bisa ɗari kowane wata, yana da hujjar barin kuɗinsa cikin fatauci ya ɗauki babur da ajali. Wanda ribarsa ba ta kai haka ba, kuɗi hannu ya fi masa. Waɗansu sukan ce ai naira tana lalacewa, gara a biya gobe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ko a shekarar 2024, da tsadar kaya a Nijeriya ta haura 30 bisa ɗari, abin bai kai 3 a wata ba, balle ya cinye bakwai.

Manomi kuma yana da tasa wahala dabam. Shi kuɗinsa da kaka suke zuwa, dillali kuwa wata yake ƙirgawa. In biya ya faɗo cikin damina, sai a kai akuya ko ɗan rago kasuwa a sayar yadda aka taya. Wannan hasara ba a rubuta ta a takarda, amma cikin kuɗin babur take.

Wajen shari'a, malaman Malikiyya ba su hana farashin ajali ya fi na hannu ba, majalisar fiƙihu ta Jidda ma ta tabbatar da halaccinsa a 1990. Sharaɗi shi ne a tsai da farashi guda da ajali sananne kafin a rabu. In aka ƙulla ciniki ba a ayyana wanne daga cikin biyun aka ɗauka ba, ya ɓaci. In kuma aka ce wanda ya makara za a ƙara masa, wannan riba ce ta haram, ba ribar ciniki ba.

Sauran abu guda, a tambaya tun farko: sayarwa ce, ko haya ce da za ta koma mallaka? In haya ce, babur na dillali ne har biyan ƙarshe, wanda ya gaza yana iya rasa babur da abin da ya zuba. Dokar Nijeriya ta 1965 a kan irin wannan haya ta wajabta a rubuta wa mai saye farashin kuɗi hannu kafin ya sa hannu, ta kuma hana a ƙwace abin hawa ba da hukuncin kotu ba in an biya kashi uku cikin biyar. A misalin nan, kashi uku cikin biyar na 1,400,000 shi ne 840,000, ana haye shi a biya na bakwai.