Minti Ashirin na Ƙwallon Unguwa: Yadda Ake Tsara Shirin Fodkas na Mako-Mako

Duk Asabar da Lahadi bayan La'asar, filayen makarantu da na unguwanni a Kano, Kaduna, Jos da Zariya cike suke da yara masu buga ƙwallo. Gidajen rediyo sun fi mayar da hankali kan Kano Pillars da gasar Firimiyar Ingila, don haka wasan 'yan ƙasa da shekara 15 na bayan gari ba ya samun mai ba da labarinsa. Wannan gurbi ne fodkas ke iya cikewa, wato shirin sauti da ake ɗauka a ɗora a intanet ko a tura ta WhatsApp, kowa ya saurara lokacin da ya ga dama. Wayar hannu ta isa a fara. Abin da ke raba shirin da ake saurara har ƙarshe da wanda ake kashewa a minti na uku shi ne takarda guda da ake rubutawa kafin a kunna naɗi, mai nuna kowane sashe da mintinsa.

Da farko a yanke tsawon shirin. Minti ashirin ya dace da irin wannan, saboda yawancin masu sauraro da datarsu suke saukewa. Idan aka ajiye sautin a MP3 a kan 64 kbps, kowane minti yana cin kusan rabin megabait, shirin gaba ɗaya bai kai 10 MB ba, kuma muryar mutum tana fita tas. Ga yadda za a iya raba shi:

00:00–00:45 Buɗewa
00:45–04:00 Sakamakon mako
04:00–10:00 Wasan mako
10:00–10:30 Talla ko sanarwa
10:30–15:30 Baƙon mako
15:30–17:30 Sauran wasanni
17:30–19:15 Wasannin da ke tafe
19:15–20:00 Gaishe-gaishe da sallama

Buɗewa ita ce ta fi yawan cinye lokacin da ba nata ba. Al'adarmu ce a gaida kowa, daga mai unguwa har zuwa Alhajin da ya sayi riguna, kafin a ankara minti huɗu sun tafi ba a ambaci ƙwallo ba. A daƙiƙa 45 ɗin nan abu uku kawai ake buƙata: ɗan gajeren ihun 'yan kallo da aka ɗauko daga fili, sallama da sunan shiri, sai kanun labarai uku. Gaisuwar manya tana nan, amma wurinta ƙarshen shiri.

Sashen sakamako lissafi yake so. Minti uku da daƙiƙa 15 daidai yake da daƙiƙa 195. Idan wasanni 12 aka buga, kowanne ya samu kusan daƙiƙa 16, abin da zai ɗauki sunan ƙungiyoyin biyu, yawan ci, da sunayen waɗanda suka zura ƙwallo. Kada a tsallake sunayen nan, domin yaron da ya ji an ambace shi shi ne zai tura shirin ga gidansu da ajinsu gaba ɗaya. A lokacin gasar azumi wasannin kan ninka. Idan sun kai 24, sai a faɗi ci kawai, a ajiye sunaye ga wasannin da suka fi zafi, ba a ƙara wa sashen minti ba.

Wasan mako shi ne zuciyar shirin, shi ya sa ya fi kowane sashe tsawo. Waɗanda suka je fili sun riga sun san ci nawa aka tashi. Abin da suke so su ji shi ne dalili. A ce masu jar riga sun yi ci biyu kafin hutun rabin lokaci, amma aka tashi masu shuɗiya na da uku. Minti na farko ya tafi a kan shimfiɗa: wace gasa ce, wane zagaye, yaya aka tashi a haɗuwarsu ta baya. Minti biyu na gaba su tafi a kan inda wasan ya juya, misali kocin masu shuɗiya ya janye ɗan baya guda ya sa mai gudu a gefen hagu, ƙwallaye biyu kuma ta nan suka biyo. Sai minti biyu na muryoyin fili, koci biyu da ɗan wasa ɗaya, kowa daƙiƙa 40. Minti na ƙarshe ya faɗi abin da sakamakon ya canza a teburi da wanda za a haɗu da shi gaba.

Samun muryoyin nan yana da nasa sirri. Wasan unguwa yakan tashi dab da Magariba, kuma da an kira salla fili ya watse. Mai ɗaukar sauti ya sanar da kociyoyin tun a hutun rabin lokaci, ya tsaya bakin layi kafin busan ƙarshe da tambaya ɗaya tak a bakinsa. Ya riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ya ba iska baya, musamman lokacin hunturu, ya nisanci janareta. Tambaya irin "Koci, me ka ce musu a hutun rabin lokaci?" ta fi "Yaya ka ga wasa?", wadda amsarta kullum "Alhamdulillahi" ce.

Baƙon mako ba dole ya zama ɗan wasa ba. Alkalin wasa, mahaifiyar mai tsaron gida, ko mai ɗinkin ƙwallo duk suna da abin faɗa. A naɗi hira ta minti 15 a tace ta zuwa biyar, a kan tambayoyi uku da aka rubuta tun farko. Idan baƙon bai kai shekara 18 ba, a nemi izinin iyayensa ko kocinsa, kuma ba a faɗar layin gidansu. Zargin rage shekaru, wanda ba ya ƙarewa a gasar yara, ba a kama sunan yaro a kansa sai masu shirya gasar sun yanke hukunci.

Minti biyun sauran wasanni suna da sauƙin ɓacewa idan ba a rubuta su a takarda ba. Nan ne wurin langa, kokawa, ƙwallon kwando, guje-gujen makarantu da wasannin 'yan mata, abu ɗaya a kowane mako. Sashen wasannin da ke tafe kuwa, rana, ƙarfe nawa da fili kawai ake faɗa, a maimaita manyan sau biyu.

Makon aikin ma yana da tsari. Daren Lahadi wakilan filaye su turo sakamako ta saƙon murya. Litinin a tabbatar da kowane ci daga ɓangarorin biyu, domin wasan da ruwa ko rigima ta tsayar kowa yakan faɗi nasa. A tambayi cikakken sunan mai cin ƙwallo, tunda a fili ɗaya ana iya samun yara uku masu laƙabin Messi. Talata a naɗa a tace, Laraba da safe a saki, lokacin da labarin bai huce ba kuma jadawalin ƙarshen mako ya fito.

Kafin naɗi, mai gabatarwa ya karanta rubutunsa da ƙarfi yana duban agogo, ya rubuta mintin da kowane sashe ya ci a gefen wanda aka ware masa. Idan jimilla ta kai 24, a rage daga hirar baƙo da gaishe-gaishe, a bar wasan mako da sunayen yara yadda suke. Idan kuma sashe ɗaya ya zarce lokacinsa mako uku a jere, takardar ce ke buƙatar gyara: a ƙara masa minti ɗaya, a cire shi daga wani sashen.