Kuɗi sun cika, mabuɗi bai zo ba: wasiƙar wa'adi ga kamfanin gine-gine

A Abuja da Legas an saba sayen gida tun yana kan takarda. Kamfani ya nuna zane, ya nuna fili, ya yanka farashi mai sauƙi, mai saye ya riƙa biya kashi-kashi har ya kammala. Idan ranar miƙa mabuɗi ta wuce ba labari, yawancin mutane waya suke bugawa, ko su je ofis a ba su ruwan sanyi da alkawarin wata mai zuwa. Wannan zirga-zirga ba ta barin wata shaida, kuma tana iya raunana mai haƙƙi, domin duk lokacin da ya ce "to, Allah ya kai mu" ya ƙara wa kamfanin lokaci ne da bakinsa.

A ɗauka wata ma'aikaciya ce ta sayi fulat mai ɗaki uku a Lugbe kan naira miliyan 30, ta gama biya a ƙarshen 2022. Yarjejeniyar ta ce za a miƙa gidan a Disamba 2023, da rangwamen wata shida idan an samu tsaiko. Yuni 2024 ya wuce, ginin yana tsaye ba tagogi ba wuta, ita kuwa tana biyan hayar miliyan 2.5 a shekara a wani gidan. Kafin ta rubuta komai, sai ta zauna da yarjejeniyar ta nemo abu huɗu: ranar miƙawa da rangwamenta, abin da aka ce kamfani zai biya in ya makara, uzurorin da aka yarda za su iya tsayar da aiki, da inda aka ce a kai rigima in ta taso. Uzurin da kamfanoni suka fi kawowa shi ne tsadar siminti da rodi. Tashin farashi kaɗai ba ya sauke wa mutum alkawarin da ya sa wa hannu, sai in yarjejeniyar ce ta ba da damar sake farashi, don haka wannan sakin layi ya cancanci karatu a tsanake.

Babban aikin wasiƙar shi ne yanke ranar ƙarshe. A dokar kwantiragi da Nijeriya ta gada daga Ingila, wanda ya yi ta haƙuri bayan wa'adi ya wuce ana iya ɗauka ya yafe wa'adin, amma yana da ikon maido da shi ta hanyar rubuta sanarwa da sabuwar rana mai ma'ana. Shari'ar da lauyoyi ke ambatawa a nan ta mota ce. A 1950 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta duba rikicin Charles Rickards da Oppenhaim, inda mai saye ya jira jikin motarsa Rolls-Royce watanni bayan lokacin da aka ɗiba, daga baya ya rubuta cewa in ba a kawo cikin mako huɗu ba ya fasa. Ba a kawo ba, kotu ta ce fasawarsa daidai ce. Ga ginin da ya rage fenti da haɗa wuta, kwana 30 wa'adi ne da za a iya karewa a gaban alƙali. Ga wanda ba a rufa ba, kwana bakwai zai zama kamar neman rigima kawai.

Sai kuma zaɓin da ya fi komai nauyi: gidan take so ko kuɗinta? Mai fushi yakan rubuta "ku mayar mini da kuɗina," kuma a shekarun nan wannan ita ce jimlar da wasu kamfanoni ke jira. Kafin a saki naira a Yuni 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Miliyan 30 da ta kai kusan dala 65,000 ta koma wajen 20,000. Kamfanin da ya mayar mata da kuɗin zai sayar wa wani fulat ɗin a sabon farashi, ita kuma abin da ta karɓa ba zai saya mata irinsa ba. Saboda haka wasiƙar da aka yi wa tunani takan sa gidan a gaba: a miƙa fulat mai lamba kaza, a kammale kamar yadda aka siffanta, tare da takardun mallaka, kafin rana kaza. Mayar da kuɗi ya zo a matsayin mafita ta biyu, haɗe da bambancin tsohon farashi da abin da irin gidan yake yi yanzu. Sai dai in ta ziyarci wurin ta ga ciyawa ta rufe tubala, ko ta ji filin kansa yana da rikici, lissafin ya juya, ceto kuɗin ya fi.

Wasiƙar ba ta buƙatar wuce shafi biyu, kuma da Turanci ake rubuta ta tunda shi ne harshen babbar kotu. Ta fara da ranar yarjejeniya da lambar fulat, ta jera kowane biya da ranarsa da lambar rasit, ta nuna sakin layin da aka saɓa. Asarar haya a rubuta ta da alƙaluma: daga Yuli 2024, wata goma sha biyu, miliyan 2.5, ga rasit ɗin mai gida a haɗe. Kotu ba ta bayar da irin wannan diyya sai an tabbatar da ita kobo-kobo. Masu ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini suna iya tsayawa a kan wannan, domin haya asara ce ta zahiri da suka biya daga aljihunsu. Zagi ba shi da gurbi, kuma kiran manajan kamfani ɓarawo a rubuce na iya jawo ƙarar ɓata suna. A kuma kula kada a ɗora mata kanun nan da lauyoyi ke sa wa wasiƙun neman sulhu, wanda ke hana kafa hujja da su a kotu, don wannan wasiƙa hujja ake so ta zama.

Wa za a aika wa? Sunan da ke jikin allon talla sau da yawa ba shi ne na kamfanin da ya karɓi kuɗi ba. A bi sunan da ke kan yarjejeniya da rasit, a duba adireshinsa a rajistar hukumar CAC, a kai kwafi biyu hannu da hannu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo da shi. In sun ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, a ƙara da imel.

Gargaɗin da ke ƙarshen wasiƙar ya zama wanda za a iya aiwatarwa. 'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa kwantiragi kawai. Al'amarin yakan zama na laifi ne in akwai damfara, kamar sayar da fulat ɗaya ga mutum biyu. Hanyoyin da ke buɗe su ne hukumar kare masu saye ta FCCPC, da LASRERA ga wanda gidansa ke Legas, da zauren sulhu na babbar kotun Abuja, sannan ƙara a kotu don a tilasta miƙa gidan. In yarjejeniyar ta ce masu sasanci ne za su yanke hukunci, can za a fara, in ba haka ba kamfani zai nemi kotu ta dakatar da ƙarar. Jinkiri ma yana da iyaka: a Abuja da Legas shekara shida ce wa'adin shigar da ƙarar kwantiragi na yau da kullum, ana ƙirgawa daga ranar da aka saɓa, kuma aika wasiƙa ba ya tsayar da ƙirgar. In kamfani ya amsa da roƙon ƙarin wata uku, kuma mai saye ta ga aiki na tafiya, ta amince a rubuce, da sabuwar rana da adadin da za su biya kan kowane watan da ya ƙaru, da sa hannun daraktan kamfanin.