Abincin rana daga gida zuwa ofis da wurin gini: yadda ake lissafin kuɗi da lokaci

Da ƙarfe ɗayan rana ta yi, ma'aikacin ofis da leburan gini buƙatarsu ɗaya ce: abinci mai zafi da zai iso inda suke, ba sai sun bar aiki sun tafi nema ba. Matan aure da 'yan mata da yawa a Kano, Kaduna da Abuja sun gane haka, suna girki a gida suna aikawa a robobi. Da yawansu sun iya girki ƙwarai, amma bayan 'yan watanni sai a ji jarin ya karye. Galibi abu biyu ne ke jawo hakan: ba a san abin da roba ɗaya ta ci ba, kuma abincin ba ya isa a kan lokaci.

Ciki biyu, tukunya biyu

Kuskuren farko shi ne a ɗauka duk mai saye iri ɗaya ne. Ma'aikacin ofis a zaune yake wuni. Yana son abinci daidai ciki, mai kyan gani, da nama, wanda ba zai ɓata masa riga ko ya cika ofis da ƙauri ba, kuma yana son a riƙa canza masa: yau dafa-duka, gobe taliya, jibi sakwara. Magini da lebura kuwa tun safe suke ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, don haka abin da suke nema shi ne wanda zai riƙe ciki har la'asar a kan kuɗi kaɗan. Shinkafa da wake da mai da yaji, wato garau-garau, ko ɗanwake, sun fi karɓuwa a wurinsu fiye da soyayyar shinkafa mai tsada.

Wannan bambanci a ma'auni yake fara bayyana. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ba da roba bakwai zuwa takwas ta ofis. A wurin gini kuwa, kilo ɗaya na shinkafa da wake a haɗe da ƙyar ya wuce roba huɗu zuwa biyar. Mudu da kwano sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, shi ya sa ya kamata mai wannan sana'a ta mallaki ƙaramin sikeli. Ta auna ɗanyen, ta dafa, ta ƙirga robobin da ya cika da ludayinta, ta rubuta. Daga ranar wannan ludayin ne ma'auninta, kuma duk wanda zai taya ta zubawa da shi zai zuba.

Lissafin roba arba'in

Bari mu ɗauki misalin mace mai odar roba 40 a rana: 15 na dafa-duka da nama zuwa ofis, 25 na shinkafa da wake zuwa wurin gini. Farashin da ke nan na misali ne, kowa ta sa na kasuwarta a gurbinsa.

Na ofis zai ci shinkafa kilo 2, a ce naira 3,000. Naman sa kilo ɗaya, wanda za a yanka gida 30 don kowa ya sami biyu, naira 7,000. Kayan miya da markaɗe 3,000, man gyaɗa da ɗanɗano da kayan ƙamshi 2,500, kabeji da karas 1,000. Jimla 16,500, wato kowace roba ta ci 1,100.

Na wurin gini zai ci shinkafa kilo 4 a kan 6,000, wake kilo ɗaya da rabi 2,250, mai lita ɗaya 3,000, yaji da albasa da gishiri 1,500, salak da tumatir 1,000. Jimla 13,750, wato 550 kowace roba.

A nan mata da yawa suke tsayar da lissafi, su ga kamar duk abin da ya hau kan haka riba ce. Alhali akwai kuɗin da ba ya shiga tukunya amma yana fita daga aljihu kullum. Gas na girkin ranar 2,000. Robobi da cokula da leda 4,000. Ɗan saƙo mai kai abincin 3,000. Yarinyar da ke taya aiki 1,500. Ruwa da sabulu da katin waya 1,000. Sai 500 da za a ware don ranar da kula za ta fashe ko tukunya ta ɓule. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne ladan ita mai girkin, a ce 4,000. Idan ba ta sa wa kanta lada ba, ranar da rashin lafiya ya sa ta ɗauko wata ta yi mata girkin za ta tarar babu inda kuɗin zai fito. Waɗannan duka sun kama 16,000, idan aka raba wa roba 40 kowace ta ɗauki 400.

Ke nan robar ofis ta tsaya a kan 1,500, ta wurin gini 950. Idan ta sayar da ta ofis 2,000, ta gini 1,100, ribar ofis 7,500 ce, ta gini 3,750, gaba ɗaya 11,250 a rana.

A duba yadda ribar wurin gini take da ƙanƙanta: naira 150 a roba. Idan hannu ya yi nauyi wajen zubawa, kowace roba ta sami ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, tukunyar da aka auna don mutum 25 za ta ƙare a kan na 21. Roba huɗun da suka ɓace kuɗinsu 4,400 ne, ya zarce duk ribar wannan ɓangaren. Haka kuma idan oda ta sauka zuwa roba 20, kuɗin ɗan saƙo da na mai taya aiki da ladan girki ba za su ragu ba, sai dai kowace roba ta ɗauki nauyi fiye da da. Saboda haka ya fi a sami mutum ashirin a wuri guda da a sami talatin a warwatse cikin unguwanni biyar, musamman tun da kuɗin sufuri ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Inda ake rage tsada ba tare da an taɓa ingancin abinci ba shi ne wurin saye. Mai girki a Kano da ke sayen wake a Dawanau, shinkafa da mai a kasuwar Singa, kayan miya a 'Yankaba, ba za ta biya abin da mai awo a shagon unguwa kullum take biya ba. Sai dai lissafin ya zama a kan farashin da za ta sake sayen buhu da shi yau. Idan ta tsaya kan na watan jiya, kuɗin da ta tara ba zai maido mata da buhun ba.

Agogo daga baya ake karanta shi

A fara da lokacin da mai saye zai buɗe robar, sannan a riƙa ja da baya. A ce ƙarfe 1:00 ake tashi cin abinci da sallar Azahar. Dole abinci ya isa 12:45. Idan tafiyar minti 30 ce, a ba ta 45 saboda cunkoso, ke nan ɗan saƙo zai bar gida 12:00. Zuba roba 40, da rufewa, da sa alama, da jerawa a kula yakan ci wa mutum biyu kusan minti 40, don haka sai an sauke tukwane wajen 11:15. Babbar tukunyar shinkafa tana son kusan awa guda, a zuba ta 10:15. Wake ya fi shinkafa jinkirin nuna, sai ya riga ta shiga ruwa da kamar minti 45, wato 9:30. Nama kuma a ɗora shi 8:30, domin romonsa za a yi dafa-dukan da shi.

Wannan jadawali ba zai yiwu ba sai an rage aiki tun dare: a tsince wake, a kai markaɗe a tafasa shi, a yanka nama a sa a firji, a daka yaji, a ƙirga robobi. Kuma a tsayar da lokacin rufe karɓar oda, misali ƙarfe tara na dare. Wadda ke karɓar oda har hantsi ko dai ta dafa fiye da kima ta yi asara, ko ta dafa kaɗan ta ɓata da mutane.

Wata za ta ce gara ta gama tun ƙarfe tara ta huta. Haɗarin yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba, mai zafi kuma a riƙe shi sama da digiri 60. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da ke iya tsira daga dahuwa, ta yaɗu idan abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi, ta jawo amai da gudawa, kuma sake ɗumamawa ba lallai ya kashe dafinta ba. Wake ma saurin tsami gare shi lokacin bazara. Warin tsami, yauƙi, ko kumfa a gefen roba alamu ne na abinci ya lalace, amma sau da yawa yana cutarwa tun kafin hanci ya ji komai. Don haka agogo za a bi. A jadawalin da ke sama, daga saukewa zuwa ci bai kai awa biyu ba.

A wajen zubawa, a ɗauraye kula da ruwan zafi kafin a jera robobi don ta riƙe zafi. Salak da kabeji a ƙulle su daban, domin tururi yana dafa su su yi laushi. Mai da yaji ma daban, kowa ya zuba daidai bakinsa. A guji farar robar nan mai kamar soso wadda mai mai zafi ke narkarwa, irin wadda jihar Legas ta haramta a 2024.

Kuɗi a hannu

Ma'aikacin ofis mai albashi ne, ana iya shirya da shi ya biya na mako tun ranar Litinin ta taransifa, a ɗan yi masa ragi. Wannan kuɗin ne zai yi cefane. A wurin gini kuwa da yawa sai yamma ko ƙarshen mako ake sallamar su, kuma lebura yau yana nan, gobe ya koma wani aikin. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a yi magana da mutum ɗaya, mai kula da aikin ko babban magini, shi zai faɗi yawan mutane, shi zai tattara kuɗi, kuma bashi kada ya tsallake mako. Shi ne kuma zai sanar da ranar zuba dakin, lokacin da leburori ke ƙaruwa sosai, da ranar da siminti ya yanke aka tsayar da aiki.

Ranar Juma'a a aika da wuri kafin a tafi masallaci, a kuma rage yawan na ofis. Watan azumi kuwa odar rana tana faɗuwa ƙwarai a garuruwanmu, sai a tanadi kuɗinsa tun da wuri ko a koma abincin buɗa-baki.

Mai shirin farawa ta fara da roba goma a wuri ɗaya na mako biyu, tana rubuta abu huɗu kullum: abin da ta kashe, robobin da tukunya ta ba da, lokacin da abinci ya isa, da kuɗin da ya shigo hannu. Idan lissafin ya fita a roba goma, ta ƙara. Idan bai fita ba, ta gyara ludayi ko farashi kafin ta sayi babbar tukunya.