Jerin Manazarta Ɗaya, Salo Ɗaya

Kundi mai babi biyar ba a rubuta shi a zama ɗaya. Babi na biyu a watan Maris, na huɗu a Agusta, kuma a tsakanin nan ne jerin manazarta ke lalacewa.

Ɗauki littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, na 1988. A salon APA, wanda masu nazarin ilimi da zamantakewa suka fi bi, a cikin rubutu za a sa `(Yahaya, 1988, p. 45)`, domin su shekarar aiki ce ta dame su. Masu adabi da ke bin MLA za su sa `(Yahaya 45)`, suna da shafi kawai. A salon Vancouver na likitoci kuwa, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallu a 1978, lamba kaɗai ake sawa, a jera manazarta bisa yadda suka fara bayyana, ba bisa haruffa ba.

Kowanne da inda yake karyewa. Mai bin Vancouver da hannu, in ya cusa sabon littafi a babi na biyu, duk lambobin da suka biyo baya sai sun matsa. Ya manta ɗaya, to ya jingina wa wani marubuci maganar da bai faɗa ba, kuma ido ba ya saurin kama wannan kuskure. Mai bin APA kuma, in marubuci ɗaya yana da ayyuka biyu a shekara guda, dole ya raba su da harafi, `2019a` da `2019b`, a cikin rubutu da cikin jerin duka.

Sanin sunan salo ma bai isa ba, sai an san bugu. Bugu na bakwai na APA, da ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, wanda na shida yake sawa. In ka ga wani littafi da Zariya, na ƙasansa babu, an gauraya bugu biyu ke nan. Harvard ya fi rikitarwa, don ba shi da littafin ƙa'ida guda. Kowace jami'a da nata, sai a nemi na sashe.

Sunayenmu ma kan jawo matsala. Yau a rubuta `Yahaya, I. Y.`, gobe `Yaro, I.`, mutum ɗaya ya zama biyu. A ganina maganin shi ne a shigar da kowane littafi sau ɗaya tak a manhaja irin Zotero, a gyara sunan tun daga nan, ita ta riƙa fitar da jerin. Amma abin da aka ba ta shi take maimaitawa, har da kuskure. Saboda haka kafin a kai kundi ɗauri, a bi babi-babi a nemo kowane suna a jerin, sannan a juyo daga jerin, a cire duk littafin da ba a ambata a ciki ba.